Ayyuka huɗu a mako ɗaya, awa 34 kacal: wanne zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a Zariya, ina fassara da rubuta hirarraki a gefe. Lokacin da nake samu shi ne 4:30 zuwa 6:30 na yamma da 8:30 zuwa 10:30 na dare daga Litinin zuwa Alhamis, awa 2 ranar Juma'a da dare, sai awa takwas-takwas Asabar da Lahadi. Awa 34 ke nan. Yau Lahadi, kuma ayyuka huɗu ne a hannuna: fassarar takardar rigakafi mai kalma 2,800 ta wata ƙungiya a Abuja (awa 8, Laraba ƙarfe 5 na yamma), rubuta hira huɗu masu minti talatin-talatin na wani ɗalibi Bahaushe a Landan (awa 10, ƙarshen ranar Alhamis), duba fassarar wani mai kalma 4,000 daga wani kamfanin fassara (awa 4, Juma'a 12 na rana), da fassarar littafin horo mai kalma 3,500 (awa 10, Litinin ta sama 9 na safe). Duka awa 32 ne, ya kamata su shiga, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Wanne zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Hankalinki ne ke da gaskiya, lissafinki ne ke da sauran gyara. Kin gwada jimillar aiki da jimillar mako, alhali awoyin Asabar da Lahadi ba za su biya bashin ranar Alhamis ba. Cikin awa 34 ɗin nan, 18 suna zuwa ne bayan wa'adi uku sun riga sun wuce. Kamar mai shago ne da zai biya dillali ranar Laraba yana lissafi da cinikin ranar kasuwa da bai zo ba tukuna.

Gwajin da ya dace shi ne wanda ake yi a bakin kowane wa'adi. Ki jera ayyukan bisa ranar da za ki miƙa su, mafi kusa a sama. A gaban kowanne ki rubuta lambobi biyu: awoyin aikin da dole ki gama daga yanzu zuwa wannan wa'adin, har da na ayyukan da ke samansa, da kuma awoyin da za ki samu daga yanzu zuwa wannan lokacin. Ki cire ta farko daga ta biyu. In sakamakon ya yi ƙasa da sifili ko da a layi ɗaya ne, to makon ya karye, ko da jimillar ƙarshe tana murmushi.

Bari mu yi da naki. Takardar rigakafin ce a sama. Abin lura na farko shi ne Laraba ba taki ba ce a wannan aikin, domin kina zama ne 4:30 su kuma suna jira ƙarfe 5. Rabin awan nan na karantawar ƙarshe ne da turawa, ba na fassara ba. Litinin da Talata kaɗai gare ki, awa 8, aikin kuma awa 8 yake so. Rara sifili. Ya shiga, amma kamar ƙafa a takalmin da ya matse.

Hirarrakin ɗalibin ne ke biye. Zuwa daren Alhamis kina da kwana huɗu, awa 16. Aikin da ya taru zuwa lokacin 8 ne da 10, wato 18. An samu giɓin awa 2. Sai na kamfanin, kuma nan ne abin ya fi muni. Sha biyun ranar Juma'a kina makaranta, awoyinki na Juma'a da dare suke zuwa, saboda haka har yanzu awa 16 ɗin nan ne dai, aiki kuma ya hau 22. Giɓin ya zama awa 6. Littafin horo na ƙarshe yana da duka 34, aikin da ya taru 32, rara awa 2. Wannan layin na ƙarshe shi kaɗai kika duba, shi ya sa ya ce miki lafiya lau.

In kin fi son kwamfuta ta yi miki, a Excel ko Google Sheets ki sa sunan aiki a A, wa'adi a B, awoyin aiki a C, awoyin da kike da su zuwa wa'adin a E. Ki rubuta layi na farko a D2, na biyu a F2, sai ki ja su ƙasa:

```
=SUM($C$2:C2)
=E2-D2
```

Ni dai a bayan ambulan nake yi har yau, ba ya ɗaukar minti biyar.

Yanzu ga abin da ya sa na ce ki jera su bisa wa'adi ba bisa wani abu ba. Masu nazarin tsara aiki a masana'antu sun daɗe da warware wannan. A 1955 J. R. Jackson ya nuna cewa idan ma'aikaci ɗaya ne, kuma duk ayyukan suna hannunsa tun farko, to fara mai wa'adi mafi kusa shi ne jerin da ke sa jinkiri mafi tsawo ya zama mafi ƙanƙanta. Amfanin wannan gare ki ɗaya ne, amma babba: idan jerin wa'adi ya kasa kai kowa a kan lokaci, babu wani jerin da zai iya. Kada ki ɓata daren yau kina juya ayyukan, kina cewa ko in fara da hira, ko in gutsura kowanne kaɗan-kaɗan. Aikin awa 22 ba ya shiga awa 16 ta kowace ƙofa. Tambayarki ta gaskiya ba wanne za ki fara ba ce. Wa za ki ba haƙuri, kuma yaushe, ita ce tambayar.

In kika rufe ido kika bi jerin yadda yake, ga yadda makon zai kaya. Abuja za su samu nasu. Hirarrakin za su kammala Juma'a da dare, jinkirin kwana ɗaya. Na kamfani sai Asabar da rana, shi ma kwana ɗaya. Littafin horo zai isa. Mutum biyu ke nan kika saɓa wa, kowanne da ɗan kaɗan. Wani lokaci hakan ne daidai, idan duk mutanen masu sauƙin kai ne kuma kwana ɗaya bai dame su ba. Amma a sana'armu ba kasafai ake auna latti da tsawonsa ba. Kamfanin fassara yana rubuta cewa kin makara ne kawai, ko awa uku ne ko kwana uku, kuma mai rabon aiki zai tuna da hakan ran da babban aiki ya zo. Saboda haka abin da aka fi so shi ne yawan waɗanda aka saɓa wa ya ragu, ko da shi wanda abin ya faɗa kansa zai jira ɗan tsawo.

Wannan ma yana da ƙa'idarsa, wadda J. Michael Moore ya wallafa a 1968, ake kiranta da sunansa haɗe da na Hodgson. A sauƙaƙe, ki bi jerin daga sama har ki iso layi na farko da ya karye. Ki dubi wannan layin da duk waɗanda ke samansa, ki zare wanda ya fi cin awoyi, ki ajiye shi gefe, ki sake lissafi. In wani layin ya sake karyewa ki maimaita. Hikimar ita ce, tunda dai dole wani ya makara, gara wanda zai bar wa sauran fili mafi yawa.

A naki, layin da ya fara karyewa na hirarraki ne, kuma tsakaninsa da takardar rigakafi shi ne babba, 10 a kan 8. Ki zare shi. Takardar rigakafi 8 cikin 8. Na kamfani ya koma 12 cikin 16, rara awa 4. Littafin horo 22 cikin 34. Uku sun tsira, mutum ɗaya kaɗai za a ba haƙuri. Kuma ba dole ne hirarrakin su koma can ƙarshe ba, domin littafin horo yana da rarar awa 12, hirarrakin kuma 10 suke so. Za su iya shiga gabansa ba tare da sun ture shi ba.

Ga makon ke nan. Litinin da Talata takardar rigakafi, babu taɓa komai. Laraba 4:30 ki karanta ta ƙarshe ki tura, sauran yammar da daren ki ba aikin kamfani. Rabin awan da turawar ta ci sai ki biya shi ranar Alhamis kafin ki shiga hira. Na sa na kamfani Laraba ba Alhamis ba da gangan, domin duba fassarar wani shi ne aikin da ya fi yaudara: in wanda ya fassara gwani ne, kalma dubu a awa ba wuya, in kuwa kwaba ya yi, sai ki ga kina sake fassarawa daga tushe, awa 4 ta zama 7. In hakan ta faru ranar Laraba, kina da Alhamis a baya. In ranar Alhamis ta faru, babu inda za ki gudu. Daga nan Alhamis da daren Juma'a da safiyar Asabar na hirarraki ne. Kowace hira tana cin awa biyu da rabi, saboda haka ta farko za ta fito daren Alhamis, ta biyu daren Juma'a, sauran biyun Asabar wajen azahar. Ragowar Asabar da Lahadi na littafin horo.

Sai dai ƙa'idar Moore ba ta san mutane ba. Ita a wurinta duk wa'adi ɗaya ne, ke kuma kin san ba haka ba ne. Akwai wa'adin da ke da bango a bayansa, akwai wanda mai aikin ya faɗa ne kawai don ya faɗi wata rana. Yadda ake bambancewa shi ne a tambayi abin da zai faru da aikin washegari. Takardar rigakafi wataƙila maɗaba'a za ta tafi, an riga an sa ranar da ma'aikatan lafiya za su fita da ita. Kamfanin fassara shi ma yana da nasa mai jira a bayansa. Ɗalibin kuwa, yawanci zai karanta hirarrakin ne a hankali cikin makonni, kuma ba zai iya nazarin huɗu a dare ɗaya ba. Shi ya sa a nan lissafi da sanin hali suka yi daidai. Amma ki tambaye shi, kada ki ɗauka. In ya ce ranar Juma'a zai zauna da malamin da ke duba aikinsa kuma dole huɗun su kasance a hannunsa, to labari ya canja.

In ya canja, ki lura zaɓinki biyu ne rak, hirarrakin ko takardar rigakafi. Wanda za a zare dole ya kasance a layin da ya karye ko samansa, kuma girmansa ya kai ya cike giɓin awa 6. Takardar rigakafi ta cika wannan sharaɗi: in ita aka ɗage, hirarraki 10 cikin 16, na kamfani 14 cikin 16, ita kuma ta kammala Asabar. Na kamfani bai cika ba. Ko da sun ce ki kawo wata mai zuwa, 8 da 10 dai 18 ne, Alhamis kuma 16 take da su, ɗalibin zai makara duk da haka. Littafin horo kuwa ko kusa, ɗage shi ba ya ƙara wa ranar Alhamis ko minti ɗaya. Na tsaya a kan wannan ne domin kuskuren da na fi gani ke nan. Mutum ya ji ya matsu, sai ya kira wanda ya fi sauƙin magana, ya samu ƙarin kwana biyu, ya ji sanyi a ransa, alhali ya kashe alfarmarsa a inda ba ta da amfani. Ni kaina na taɓa yi. Na roƙi wata baiwar Allah mai haƙuri ta ƙara mini mako guda a kan aikin da ma shi ne na ƙarshe a jeri, ta amince, sannan na je na makara wa wani kamfani da kwana biyu. Sun biya ni kuɗina cif, ba su ce uffan ba, ban kuma sake jin ɗuriyarsu ba.

Saƙon ba da haƙurin yau za ki tura shi, daren Lahadin nan, ba yammar Alhamis ba. Wanda aka gaya wa kwana huɗu kafin lokaci yana iya gyara shirinsa, kuma yana ganin kin san abin da kike yi. Wanda aka gaya wa ana saura awa biyu ba abin da ya rage masa sai fushi. Kada ki cika shi da labarin wuta da makaranta, ki ba shi rana da sa'a. Wani abu kamar haka: "Salam Malam. Na duba aikin da ke gabana na ga ba zan iya kammala hira huɗun zuwa Alhamis da ingancin da ya kamata ba. Zan turo ta farko daren Alhamis, ta biyu daren Juma'a, sauran biyun ranar Asabar kafin magariba in sha Allah. Wacce ka fi bukata in fara da ita? In kuma akwai abin da ya sa dole huɗun su zo Alhamis, ka sanar da ni yau mu san yadda za a yi." Kin ga na ce magariba alhali lissafi ya ce azahar. Da gangan ne. Wa'adi na biyu ba a saɓa shi, domin wanda ya yafe sau ɗaya ba lalle ya yafe na biyu ba.

Ki haɗa masa da wata tambaya: me yake nufi da ƙarshen ranar Alhamis? Wasu sha biyun dare suke nufi, wasu ƙarfe biyar na tashi daga ofis. In biyar ce, Alhamis ma ta fita daga hannunki kamar yadda Laraba ta fita, awoyinki 12 ne ba 16 ba. Sannan agogon wa? Nijeriya ba ta canja agogo, Birtaniya kuwa tana canjawa sau biyu a shekara. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba lokacinmu ɗaya da Landan, sauran watannin kuma muna gabansu da awa ɗaya, biyar ɗinsu shidanmu ce. Duk wa'adin da ya zo daga waje ki mayar da shi agogon Zariya kafin ki sa shi a jeri.

To, ko da ɗalibin ya amince, akwai abu biyu da har yanzu ba su kwanta mini ba.

Na farko sifilin nan na takardar rigakafi. Awa 8 ɗin da kika sa ta fito ne daga kalma 350 a awa, kuma wannan gudu ne mai kyau a rubutu na yau da kullum. Takardar lafiya kuwa tana da kalmomin da za ki tsaya ki yi ta nema, ki yanke shawara ko za ki ce shan inna ko foliyo, ko ƙungiyar tana da jerin kalmomin da ta saba amfani da su. In gudun ya sauka zuwa 300, aikin ya haura awa 9, kin karye tun ranar Talata. Maganinsa mai arha ne. Ki roƙi na Abuja su mayar da wa'adin daga biyar na yammar Laraba zuwa tara na safiyar Alhamis. A mafi yawan ofisoshi takardar da ta iso ƙarfe biyar ba mai buɗe ta sai da safe, don haka su ba su rasa komai ba, ke kuma kin samu yammar Laraba da darenta a matsayin madogara. Amma ki riƙe cewa wannan bai rage giɓin awa 6 ba ko kaɗan, bai kuma hana ba ɗalibin haƙuri ba. Numfashi kawai ya ba layin farko, kuma duk awan da kika ci daga Laraba, daga rarar awa 4 ta aikin kamfani kika ciro shi.

Na biyu rarar awa 2 a mako gaba ɗaya. Kin sayar da 32 cikin 34, wato kin yi alkawari a madadin wutar lantarki, da lafiyar yara, da baƙin da ba sa sallama kafin su zo. Dare ɗaya aka ɗauke wuta batirin kwamfuta ya mutu, rarar ta tafi. Ni abin da na tsayar wa kaina bayan shan wuya shi ne ba na sayar da fiye da takwas cikin goma na awoyina. Ba doka ba ce, gwaji ne ya kai ni can, kuma naki adadin zai iya bambanta. A kan 34, wannan ya kama kusan 27. Kin haura da awa 5. Hanya mafi sauƙi ita ce ki tambayi mai littafin horo tun yanzu ko zai karɓa ranar Laraba ta sama maimakon Litinin, wanda zai ƙara miki awa 8. A nan ɗage shi yana da ma'ana, domin matsalar da ake magani yanzu ta ƙarshen mako ce, ba ta Alhamis ba.

Ɗaya hanyar ita ce ki ba wata abokiyar sana'a hira biyu. A takarda awa 5 ke nan, daidai abin da kika haura. A zahiri sai kin saurari kowacce kina bin rubutun kina gyara, wanda zai ci kamar minti 45 kowace hira, saboda haka abin da kika tsira da shi awa uku da rabi ne. Kuma ba za ki yi ba sai da izinin ɗalibin. Hirar bincike amana ce, mutanen da aka yi hira da su an yi musu alkawarin wanda zai ji muryarsu, jami'o'i kuma ba sa wasa da wannan. In ya ce a'a, a'a ce.

Duk lissafin nan yana tsaye ne a kan lambobin da kika ba ni, don haka kafin ki kwanta yau ki kashe rabin awa ki gwada su. Ki buɗe fayil huɗun duka. Ki tabbata takardar rigakafin rubutu ce da za ki iya aiki a kanta, ba hoton takarda ba da sai kin sake bugawa. Ki karanta shafi ɗaya daga tsakiyar fassarar da za ki duba, ba daga farko ba, domin kowa yana yin ƙoƙari a shafin farko. Ki saurari minti biyar daga tsakiyar kowace hira. Awa biyu da rabi a kan minti talatin, wato ninki biyar, daidai ne idan mutum biyu ne a ɗaki shiru. In a bakin kasuwa aka ɗauka, janareto na ruri, mutum uku na magana a tare, wani dattijo kuma yana Sakkwatanci da sauri, ninki bakwai ko takwas za ki gani. Hira biyu irin wannan sun isa su cinye rarar makon. Gara ki sani yau ki sa a saƙon.

A wannan zaman kuma ki tattara duk tambayoyin da kike da su ga kowa ki tura. Ƙa'idojin da na ambata sun ɗauka cewa komai yana hannunki kuma ba kya jiran kowa. Da zarar aiki ya tsaya jiran amsa, ko wani fayil bai iso ba sai Laraba, jerin wa'adi ba shi da tabbacin da yake da shi. Abin yi a nan shi ne kada ki zauna jira. Ki ci gaba da na biye a jeri, amsa na zuwa ki koma kan mai wa'adi mafi kusa. Wannan ne kaɗai dalilin da na yarda a bar aiki a tsakiya. Tsalle daga wannan zuwa wancan don kowa ya ga ana motsi ba ya ƙara awa ko ɗaya, yana ma ragewa, domin duk komawa sai kin sake neman inda kika tsaya da kalmomin da kika zaɓa. Kuma ranar Laraba za ki wayi gari da ayyuka huɗu rabi-rabi, babu ko ɗaya da za a iya miƙawa.

Kowane dare in kin rufe kwamfuta, ki gyara lamba ɗaya: awoyin da suka rage a aikin da kike kai. Ba awoyin da kika yi ba, waɗanda suka rage. Misali daren Litinin ya kamata ki kasance a kalma 1,400. In 1,100 kika kai, gudunki 275 ne a awa, ragowar 1,700 kuma za su ci fiye da awa 6, ba 4 ba. Kin san tun daren Litinin cewa Talata ba za ta isa ba, da sauran kwana biyu a yi magana.

Akwai kuma wanda zai kira ki ranar Talata, kusan kullum akwai shi, ya ce ɗan ƙaramin aiki ne, shafi biyu kawai, zuwa Alhamis. Kada ki amsa a wayar. Ki ce za ki duba ki kira shi bayan minti goma. Ki ƙiyasta awoyinsa, a ce 2, ki saka shi a gurbinsa a jeri, ki ga abin da ya faru da layukan da ke ƙasansa. A wannan makon zai ci rabin rarar aikin kamfani, ya tura hirar da kika yi alkawarin daren Alhamis zuwa Juma'a, ya kuma mayar da rarar littafin horo sifili. Amsar da za ki ba shi ita ce za ki iya, amma sai Talata ta sama. In mai littafin horo ya riga ya koma Laraba, ki sake lissafin da shi a ciki kafin ki faɗi rana, domin awa 8 ɗin Litinin da Talata na sama kin riga kin jingine su.